Yadda ake dasa Wi-Fi a bene mai hawa uku ba tare da waya ta maƙale wa AP ɗaya ba

Kukan da ya fi yawa a benayen ofisoshi da masaukan baƙi a Katsina iri ɗaya ne: sigina ya cika sanduna a fuskar waya, amma saƙo ba ya fita, ko kuma mutum yana kiran WhatsApp a ƙasa, yana hawa matakala sai kiran ya tsinke. Mai gida zai ce a sayo na'ura mai ƙarfi, ko a ƙure ƙarfin wadda ake da ita. Galibi wannan ƙara dagula lamarin yake yi. Abin da bene yake so shi ne kowane hawa ya samu na'urorinsa, kowace na'ura ta yi magana ƙasa-ƙasa a tasharta, ta yadda waya za ta gane lokacin da ya kamata ta saki ɗaya ta kama ta gaba.

Na'urar da nake nufi ita ce akses foyin, farin faifan nan da ake mannawa a silin, wanda a fuskar manhaja za ka ga an rubuta shi AP. Haka zan riƙa kiransa.

Bari mu ɗauki gini guda mu bi shi har ƙarshe. Bene ne na ofisoshi irin waɗanda ake gani a kan Titin IBB ko wajen Ƙofar Ƙaura, hawa uku ne: ƙasa, tsakiya da sama. Tsawonsa mita 30 daga yamma zuwa gabas, faɗinsa mita 12. Korido mai faɗin mita 2 ya ratsa tsakiya, da ɗakuna shida a arewa, shida a kudu, kowanne mita 5 kan mita 5, sai dai gurbi na huɗu a ɓangaren arewa matakala ce ta cinye shi. Bangon ciki bulo ne mai inci 6 da filasta, tsakanin hawa da hawa kuma dekin ne na kankare da rodi. Saman duka rufin kwano ne.

Fara da awo, kafin a fasa bango

Kada ka ja kebul ko ɗaya sai ka san abin da bango da dekin na wannan ginin suke cinyewa. Bulon wani gini rami ne a ciki, na wani an ɗure shi da kankare, kuma ido ba ya bambancewa bayan an yi filasta.

Ka samo AP ɗaya, ka jona shi da dogon kebul, ka ɗaure shi a kan tsani ko doguwar sanda dab da silin, fuskarsa na kallon ƙasa kamar yadda zai zauna. A waya ka buɗe manhajar da ke nuna ƙarfin sigina da lamba, irin su WiFiman ko WiFi Analyzer. Sandunan da ke saman waya ba awo ba ne. Lambar tana zuwa da alamar ragi, kamar -48 dBm, kuma gwargwadon kusancinta da sifili gwargwadon ƙarfinta: -50 ya fi -70 nesa ba kusa ba. Idan Android ce kuma ka ga lambar tana jinkirin canzawa, ka shiga `Developer options` ka kashe `Wi-Fi scan throttling`, domin tun daga Android 9 an taƙaita wa manhajoji yawan lalube zuwa sau huɗu cikin minti biyu.

Lambar da za ka riƙe ita ce -67 dBm. Duk inda mutum zai zauna ya yi aiki ko ya amsa kira, so ake sigina na 5 GHz, ɗaya daga cikin zangon Wi-Fi biyu da za mu yi aiki da su tare da 2.4 GHz, ya kai -67 ko ya fi. Sai ƙa'ida ɗaya ta lissafi: a fili, duk lokacin da ka ninka nisa, sigina yana raguwa da kusan 6 dB.

Yadda ake auna bango: ka tsaya cikin ɗakin da AP yake, dab da bangon, ka karanta. Ka zagaya ɗaya ɗakin, ka rufe ƙofa, ka tsaya a bayan wurin da ka tsaya ɗazu, ka sake karantawa. Bambancin shi ne kusan abin da bangon ya ci. Ka juya wayar wajen AP, kada jikinka ya shiga tsakani, don jikin mutum ma yana cin nasa rabon.

Mu ƙaddara a gininmu awo ya ba da haka a 5 GHz: mita ɗaya daga AP -30, kowane bangon bulo yana cin 8 dB, dekin yana cin 20 dB. To lissafi ya fito. A mita 2 muna -36, a mita 4 muna -42, a mita 8 muna -48. Ɗakin da ke nisan mita 8 bayan bango biyu zai samu -64, ya haye. Idan bango ya zama uku sai ya koma -72, ya faɗi. Ke nan a wannan gini AP ɗaya bango biyu yake iya tsallakewa, ba ƙari.

Yanzu duba dekin, don nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Wanda yake hawan ƙasa daidai ƙarƙashin AP na tsakiya, nisan kamar mita 4, zai ga -62. Sai ma'aikaci ya ce ai ya wadatar, AP ɗaya a tsakiya zai ɗauki hawa uku. Amma ya matsa ɗaki na gaba: mita 8, dekin ɗaya, bango ɗaya, ya koma -76. Aiki ba ya tafiya daidai a haka. Sai dai kuma -76 ɗin bai mutu ba. Na'urar Wi-Fi idan ta jiyo wata tana watsawa a tasharta da ƙarfin da ya kai kusan -82 dBm, dakatawa take yi sai waccan ta gama. Wato dekin yana raunana sigina har ya kasa amfanar na ƙasa, amma bai raunana shi yadda zai daina hana na ƙasa magana ba. Duk abin da za mu yi nan gaba daga wannan ya taso.

Inda za a manna su

Da wancan lissafi, AP biyu ne a kowane hawa, shida ke nan gaba ɗaya. Wuri mafi sauƙin aiki shi ne korido: kebul a miƙe, ba sai an nemi makullin ofishin kowa ba. Ni dai ba na sa su a nan sai dole. Korido fili ne miƙaƙƙe, AP biyu da ke cikinsa suna jin juna sosai, sigina mai kyau yana zuba a inda ba wanda yake zama, ɗakuna kuwa da ake aiki a ciki sai abin da ya rage bayan bango. Wanda ya fito daga ofis kuma yana tafiya a koridon, wayarsa tana ganin AP na farko da ƙarfi har ƙarshen gini, ba ta da dalilin sakin sa.

Ka sa su cikin ɗakuna. A hawan ƙasa, ɗaya a ɗaki na biyu ɓangaren arewa, ɗaya a ɗaki na biyar ɓangaren kudu. Na ɗaki na biyu yana ba maƙwabtansa na dama da hagu ta bango ɗaya, yana ba ɗakuna uku na tsallaken korido ta bango biyu. Haka na ɗaki na biyar yake yi wa rabin gabas. A hawan tsakiya sai ka juya: ɗaki na biyu kudu, ɗaki na biyar arewa. A sama ka koma tsarin ƙasa. Ta haka babu AP da yake zaune kai tsaye a kan wani sai da dekin biyu a tsakaninsu.

Matakala rami ce da ta huda dekin duka, sigina yana bin ta sama da ƙasa ba shamaki. Kada ka manna AP a bakinta, domin zai zama ana jin sa a hawa uku lokaci ɗaya. Amma ka tabbatar tana samun sigina daga ɗakunan gefe, tunda a nan ne waya za ta sauya sheƙa. A tsarinmu AP na gabas a hawan tsakiya bango ɗaya ne tsakaninsa da matakalar, ya ishe ta.

Faifan silin an ƙera shi ne ya watsa ƙasa da gefe. Ka manna shi a fuskar silin, wajen tsakiyar ɗaki, ba a kusurwa ba, ba bayan kabad ɗin ƙarfe ba, kuma ka ba shi kamar mita ɗaya daga fanka da bim ɗin kankare. Masu gida suna son a ɓoye shi a cikin silin don kada ya ɓata ado. A hawan sama wannan asarar kuɗi ce: tsakanin silin da kwano a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40 a inuwa, wurin ya fi ƙarfin na'urar da aka yi don cikin ɗaki, za ta riƙa kashe kanta da rana tsaka tana tashi. Ga ƙurar hunturu da ke taruwa a can ba mai sharewa.

Kowane AP ya samu kebul nasa har zuwa suwic, akwatin da kebul ɗin duka suke haɗuwa a jikinsa. Suwic ɗin ya zauna a hawan tsakiya don jan ya gajarce, ko da yake a gini irin wannan ba za ka kusanci iyakar mita 100 da kebul yake da ita ba. Ka sayi Cat6 na jan ƙarfe zalla. Akwai mai araha a kasuwa wanda alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, wani lokaci a kwalinsa an rubuta CCA. Ka karce ɗaya daga cikin ƙananan wayoyin da ke cikin kebul ɗin da wuƙa: idan cikin ya fito fari, ajiye musu kayansu. Tunda wutar AP ta cikin wannan kebul take bi, irin sa yana zubar da wuta a hanya, yana zafi, yana karyewa a bakin kai. Suwic mai `802.3af` yana ba kowace kafa har wat 15.4, mai `802.3at` har wat 30. Duba abin da AP ɗinka yake nema, ka ninka shida, ka tabbatar jimlar wutar suwic ta ɗara haka.

Da rauta, da suwic, duk su hau inbata. Akwai dalili bayan na kowa ya sani, zan zo kansa a maganar tasha. Sannan tunda duk AP yana da kebul, ka kashe `Mesh` ko `Wireless uplink` a kontirola, wato manhajar da ake saita AP duka daga cikinta, kada wata rana kebul ɗaya ya sami matsala AP ɗin ya koma roƙon hanya ta iska wajen maƙwabcinsa, kowa ya ji gudu ya ragu kai kuma kana ganin fitila kore.

Rabon tashoshi

Abu na farko a kontirola, ka saita `Country` zuwa Nigeria. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ke da ikon zangon iska a nan, kuma na'urar za ta nuna maka tashoshin da ta yarda da su a wannan saiti. Kada ka zaɓi wata ƙasa don ka samu ƙarin ƙarfi.

A 2.4 GHz tashoshi suna da lamba da yawa, amma tazarar da ke tsakanin kowace da ta gaba 5 MHz ce kawai, alhali watsawa ɗaya tana cin kusan 20 MHz. Shi ya sa guda uku ake amfani da su waɗanda ba sa taka juna: 1, 6 da 11. Wanda ya sa tasha 3 ko 9 yana ganin ya guje wa cunkoso, a zahiri ya shiga tsakanin biyu yana ɓata musu suna ɓata masa. Gara AP biyu su haɗu a tasha ɗaya, su ji juna su bi layi, da su zauna a 6 da 8 kowanne yana zama wa ɗayan hayaniya. `Channel width`, wato faɗin tasha, a nan 20 MHz ne, ba a tattauna wannan.

A 5 GHz na'urori da dama idan an saita su a Nijeriya abin da suke nunawa shi ne 52 zuwa 64, da 149 zuwa 165. Wasu suna ƙarawa da 36 zuwa 48. Mu yi tsari da na farkon, tunda shi ya fi matsi. A faɗin 20 MHz muna da 52, 56, 60, 64, 149, 153, 157, 161, 165, sun ishi AP shida kowanne da tasa har da saura. A faɗin 40 sai su koma huɗu. A faɗin 80, wanda na'urori da yawa suke fitowa da shi daga kwali, biyu kacal suka rage wa AP shida.

Ra'ayina a gini irin wannan 20 ne. Wayar zamani mai eriya biyu a 20 MHz tana haɗuwa a kusan 173 Mbps a tsarin `802.11ac`, ainihin abin da take ja ya kan kai rabin haka ko fiye. Idan layin intanet da ya shigo ginin 100 Mbps ne ana rabawa mutum hamsin, faɗin 80 ba abin da zai ƙara sai lambar gwaji mai kyau da daddare lokacin da ba kowa. Idan akwai masu tura manyan fayil zuwa saba, wato babbar kwamfutar ajiya ta cikin gida, sai a duba 40.

Ga rabon. K ƙasa, T tsakiya, S sama:

```
AP        2.4 GHz   5 GHz
K-YAMMA   1         149
K-GABAS   6         52
T-YAMMA   11        60
T-GABAS   1         157
S-YAMMA   6         153
S-GABAS   11        64
```

Ka lura da ginshiƙin 2.4. Tasha uku ce ga AP shida, dole kowace ta maimaitu, to an jefa maimaicin ne a karkace: wanda yake yamma a wani hawa, takwaransa yana gabas a wani hawan, da dekin da bangaye da mita 15 a tsakani. Kafin ka kafe wannan, ka zagaya da manhajar awo ka ga maƙwabta. Idan shagon da ke manne da gabashin ginin yana da rauta mai ƙarfi a tasha 6, sai ka juya rabon yadda K-GABAS zai samu wata. Ƙananan na'urorin intanet na aljihu da masu kunna hotsifot a waya ba a yi musu tsari, yau suna nan gobe ba sa nan.

Tashoshi 52 zuwa 64 suna da sharaɗi, za ka ga an rubuta DFS a gefensu. Zango ne da ake tarayya da rada, na'urar hango jirage da yanayi daga nesa, don haka AP idan ya tashi sai ya saurara na minti ɗaya kafin ya fara watsawa a nan, kuma idan ya ji abin da ya yi kama da rada dole ya bar tashar nan take. To ga dalilin inbata. Duk lokacin da aka ɗauke wuta aka tada janareta, AP shida suna mutuwa su tashi tare. Na 149 zuwa sama suna dawowa da wuri, masu DFS suna nan suna saurare, wayoyi kuwa ba sa jira, sai su faɗa 2.4 ko su kama AP na nesa su zauna a can. Idan kuma ka bar `Channel` a `Auto`, wasu na'urorin a lokacin tashi suke zaɓen tasha, sa'ilin da sauran ba su fara watsawa ba, sai ka tarar uku sun taru a tasha guda. Shi ya sa a gini mai AP shida na fi son in kafe tasha da hannu. Bayan mako guda ka leƙa rajistar kontirola. Idan ka ga `Radar detected` yana maimaituwa a wani AP, musamman in ginin yana wajen filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa, ka mai da shi 161 ko 165.

Wani abu da ke faruwa a nan: wayoyi da talabijin da firinta na hannu da aka shigo da su daga ƙasashe daban-daban ba duka suke ganin kowace tasha ba. Wani ba ya ganin 149 zuwa sama, wani ba ya ganin na DFS. Idan talabijin ɗin ɗakin taro ya ƙi ganin 5 GHz, kafin ka zargi AP ka musanya masa tasha da ta wani rukunin ka gani.

Rage ƙarfi

Nan ne za ka sha musu da mai gida, don ya biya kuɗin na'ura mai ƙarfi kai kuma kana rage mata. Ka tuna masa da lasifikar masallaci: kana jin ladan daga unguwa ta uku, amma in ka amsa ba ya jin ka. AP da aka ƙure yana cika wa waya sanduna daga nesa, ita kuma wayar da ɗan ƙaramin batirinta ba ta iya mayar masa da amsa da wannan ƙarfi, sai a yi ta maimaita aike. Ga shi kuma muddin tana ganin sa da ƙarfi ba za ta nemi wani ba.

Ka fitar da `Transmit power` daga `Auto` ko `High`. A gininmu ka fara da 14 dBm a 5 GHz, 8 dBm a 2.4 GHz. An bar tazarar kusan 6 dB ne da gangan, saboda 2.4 ya fi tafiya nesa kuma ya fi ratsa bango. Idan aka ba su ƙarfi ɗaya, waya za ta riƙa ganin 2.4 ya fi, ta zauna a kansa, alhali shi ne mai cunkoso. Daga nan sai ka sake zagayawa da awo. Idan kusurwar wani ɗaki ta gaza -67, ƙara 2 ko 3 dB a wannan AP kaɗai. Idan ka kai 20 dBm bai gyaru ba, ba ƙarfi ne matsalar ba, wurin ne, ko a matsar da AP ko a ƙara wani.

Kada ka kashe 2.4 gaba ɗaya. Ƙananan wayoyi masu araha da yawa, da na'urorin cire kuɗi, da kyamarori, shi kaɗai suka sani. Amma idan awo ya nuna a ko'ina kana ganin AP biyu masu tasha ɗaya da ƙarfin da ya fi -75, za ka iya kashe 2.4 a ɗaya daga cikinsu.

Saitin sauya sheƙa

Waya ce take yanke shawarar barin AP, ba AP ba. Apple ya bayyana nasa tsarin: iPhone tana riƙe da AP har sigina ya faɗi zuwa -70 dBm, sannan ta fara neman wani, kuma ba ta komawa sai sabon ya fi tsohon da 8 dB idan tana cikin aika bayanai, ko 12 dB idan tana zaune. Wayoyin Android kowane kamfani da nasa ma'auni. Ka gwada wannan da matakalarmu. Mutum ya taso daga ofishin da K-GABAS yake, ya hau tsakiya. Idan K-GABAS a ƙure yake, a kan matakala ta sama wayar tana ganin sa a -64, ba ta ko fara nema ba, ga T-GABAS a gefenta yana -45 a banza. Idan an rage shi zuwa 14 dBm, kafin ya gama hawa ya faɗi ƙasa da -70, wayar ta duba, ta ga wanda ya fi da nisa, ta koma. Rage ƙarfin nan shi ne rabin aikin.

Sauran rabin yana farawa da abubuwa masu sauƙi da ake yawan karyawa. `SSID`, wato sunan Wi-Fi da waya take gani, ya zama ɗaya a duk ginin, kalmar sirri ɗaya, nau'in tsaro ɗaya. Kada a yi suna na ƙasa daban na sama daban, domin waya ba ta tsallakawa daga suna zuwa suna sai na farko ya mutu murus. Duk AP su kasance a netwok ɗaya, rauta ɗaya ke raba adireshi. Idan ƙananan rautoci ne aka mayar AP, a kashe `DHCP`, mai raba adireshi, a kowanne, in ba haka ba waya za ta canza adireshi a kowane hawa, kira ya yanke. Yawan sunaye kuma ya tsaya a biyu ko uku, na ma'aikata, na baƙi, da na kayan aiki, saboda kowane suna yana shelar kansa kusan sau goma a daƙiƙa a kowane AP, kuma lokacin iska yake ci.

Sai ka ɗaga `Minimum data rate` zuwa 12 Mbps a zango biyun. Wannan yana kashe tsofaffin matakan gudu na 1, 2, 5.5 da 11 Mbps. Shelar da AP yake yi a mafi ƙarancin gudu take fita, kuma gudu na ƙasa shi ya fi kaiwa nesa, don haka ɗaga shi yana rage cunkoso, yana kuma rage nisan da waya za ta iya laƙe wa AP. Tsohuwar na'ura mai `802.11b` kaɗai ba za ta ƙara haɗuwa ba.

Akwai lambobi uku da za ka gani a shafin saiti. `802.11k` yana sa AP ya miƙa wa waya jerin maƙwabtansa da tashoshinsu, ba sai ta lalube zango duka ba. `802.11v`, wanda wasu ke rubutawa `BSS Transition`, yana ba AP dama ya ba wa waya shawarar ta koma wancan, ita kuma ta ga dama ta bi ko ta ƙi. Waɗannan biyun ka kunna su. Na uku, `802.11r` ko `Fast Roaming`, yana gajarta musayar makulli lokacin komawa. Amfaninsa babba yana wajen netwok da kowane ma'aikaci yake shiga da sunansa ta hanyar saba. A netwok mai kalmar sirri ɗaya ribar kaɗan ce, kuma wasu tsofaffin firinta da kyamarori suna ƙin haɗuwa in sun gan shi. Ka kunna shi a sunan ma'aikata kawai, sunan kayan aiki ka bar shi a kashe, a 2.4, da `WPA2`.

`Minimum RSSI` shi ne na ƙarshe, kuma sai in ka ga buƙata. Aikinsa kora ne: idan siginar waya ta faɗi ƙasa da lambar da ka sa, AP ya sallame ta don ta nemi wani. Abu biyu ka sani. Awon da ake amfani da shi na yadda AP yake jin wayar ne, wanda sau da yawa ya fi rauni a kan abin da fuskar wayar take nuna maka. Sannan in babu wani AP mai kyau a kusa, wayar za ta dawo a sake korar ta, a yi ta haka. Maigadi da ke zaune a bakin get K-YAMMA yana jin wayarsa a -77, da ka sa -70 ka raba shi da intanet ke nan, gobe da safe kuma zai tare ka da "Injiniya, me ka yi wa netwok ɗin?" Ka fara da -78, ka ɗaga a hankali, kada ka wuce -75.

Gwajin tafiya

Ka ɗauki laftof mai Windows, ka buɗe tagar umarni biyu. A ta farko ka riƙa taɓa rautar ginin, da adireshinta na gaskiya in ya bambanta da wannan:

```
ping -t 192.168.1.1
```

A ta biyu ka riƙa maimaita wannan a kowane mataki na tafiya:

```
netsh wlan show interfaces
```

Layin `BSSID` shi ke gaya maka AP ɗin da kake kai, `Channel` kuma tasharsa. Da teburin rabo a hannu, tashar 5 GHz kaɗai ta isa ta nuna maka ko wane ne: ka ga 157, T-GABAS ne. Ka tashi daga ƙarshen yamma a ƙasa, ka bi korido da tafiyar mutum ta yau da kullum, ka hau matakala har sama, ka sauko. Rasa amsa ɗaya ko biyu a lokacin komawa ba komai. Idan `Request timed out` ya jeru biyar ko fiye, ka tsaya a wurin ka duba.

Idan a lokacin kana kan AP na hawan da ka baro, shi ne ya yi ƙarfi da yawa, rage masa 3 dB ka sake. Idan babu AP da ya kai -70 a wurin, rami ne, ƙara wa na kusa. Idan tasha ta canza da wuri amma amsa ta daɗe ba ta dawo ba, ba iska ba ce, ka duba `IPv4 Address` da umarnin `ipconfig`: in ya canza, akwai mai raba adireshi na biyu a ɓoye, ko kafar suwic ta wannan AP tana kan `VLAN` daban, wato wani sashen netwok da aka ware. Idan kuma kana zaune wuri ɗaya tasha tana ta kai-komo tsakanin AP biyu, sun yi kunnen doki a wannan ɗaki, ka rage wa wanda ba na hawan ba.

Ka maimaita tafiyar da kiran WhatsApp a iPhone, sannan a mafi arahar Android da za ka samu a hannun ma'aikatan ginin, domin ita ce za ta fara nuna aibi. Kuma ka yi gwajin a ranar aiki wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ofisoshi cike da mutane, ƙofofi a rufe. Ƙofar ƙarfe da aka bari a buɗe ranar Asabar lokacin da kake awo tana iya sauya lambar ɗaki da dB goma ko fiye idan aka rufe ta ranar Litinin.